Jimlar da Ardo Ya Kasa Kaiwa Ruga

Shekara ashirin da wani abu ina koyar da Turanci a sakandare a Batsari, kuma ba yabon kai ba, a unguwarmu duk wanda takarda ta shige wa duhu ƙofar gidana yake nufa. Katin asibiti, wasiƙar ɗa daga Legas, takardar ofis mai hatimi, duk ni ake kawo wa. Ina karantawa ina gyara zaman tabarau, mutum na tsugune yana jira, in na gama ya yi godiya ya tafi ko ya fahimta ko bai fahimta ba. Ina son wannan abu, ba zan ɓoye ba. Albashi bai taɓa faranta mini rai kamar sallamar mai takarda ba.

Cikin masu zuwa har da wani Ardo, dattijo, wanda rugarsu ke bayan garin Karare. Duk ranar kasuwa sai ya biyo ta wurina da wata 'yar takarda a naɗe cikin hularsa, yawanci ta rigakafin shanu. Baffa nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam, ko da yake ya haife ni.

Da aka kafa kwamitin sasanta manoma da makiyaya na ƙauyukan da ke bakin iyakar Batsari da Safana, ba a yi gardama ba aka ba ni magatakarda. Wata ƙungiyar agaji daga Katsina ce ta tsaya aka kafa shi, bayan shekarun nan da hankali bai kwanta ba, kowa na zargin kowa. Babban aikinmu na farko shi ne yarjejeniyar sakin shanu bayan kaka, wato lokacin da makiyaya za su shigo gonaki dabbobinsu su ci kara. Da can da baki ake yi, maigari ya sa a yi shela, shi ke nan. Yanzu ƙungiyar ta ce a rubuta, da Turanci domin ofis, da Hausa domin jama'a, kowa ya dangwala yatsa. Jami'insu ya ce in tsara in aiko su buga.

Kwana uku na yi da ƙamus a kan sharaɗi na huɗu, wanda shi ne zuciyar takardar. Har yau ina iya kawo shi da ka:

"Implementation of the utilisation of crop residues shall commence upon completion of the evacuation of produce and notification of stakeholders."

Da na gama sai da na karanta wa kaina sau biyar ina jin daɗi. Hausar ma ban yi mata da wasa ba. Na ce: aiwatar da tsarin amfani da ragowar amfanin gona zai fara ne bayan kammala kwashewa da sanar da masu ruwa da tsaki. Ofis suka buga a farar takarda mai tambari, ba su taɓa ko waƙafi ba, suka maido.

To, a kwamitin akwai wani mutumin Safana, malamin gona mai ritaya. Ajinmu ɗaya da shi a kwalejin horon malamai kafin ya sauya ya bi aikin gona. Wallahi a Turanci bai taɓa kamo ƙafata ba. Ni ke zuwa na ɗaya, shi yana can ƙasa yana kwafar aikina da safe kafin malami ya shigo. Mutum ne mara hayaniya, rigarsa kullum kamar an ciro ta daga buhu, ga wani guntun jan biro da ba ya rabo da aljihunsa. Ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo.

Ranar taron muka haɗu da hantsi a ƙofar gidan Maigarin ƙauyen da ke tsakiya, ƙarƙashin bishiyar bedi. Manoma sun cika tabarmi ɗaya, makiyaya ɗaya, ga kwalin tawada an ajiye domin dangwale. A wurinmu tawada ba ita ce ke ɗaure magana ba, Fatiha ce. In aka shafa, magana ta ƙare, wanda ya tada ta shi ne mai laifi. Na miƙe na karanta Turancin tukuna, da gangan, ko da yake waɗanda ke jin sa a wurin ba su wuce mu uku ba. Sannan na karanta Hausar. Aka yi ta gyaɗa kai, wasu na cewa madalla. Liman har ya fara gyara zama zai ɗaga hannu.

Sai Ardo ya ce a dakata. Ya ce shi ba don kansa ya zo ba, rugage bakwai ne suka turo shi, kuma da yamma za su zauna ya faɗa musu abin da aka yi, da Fillanci, da bakinsa. Al'adarsa ce ba ya shafa Fatiha a kan magana sai ya maimaita ta a gaban jama'a an ce haka ne. Ya roƙi in sake karanta na huɗu. Na sake. Ya buɗe baki zai maimaita, ya ce "aiwatar da", ya tsaya. Na sake karantawa a hankali, ina rarrabe kalmomi kamar a aji ɗaya. Ya sake gwadawa, ya kai "tsarin amfani", ya kakare.

"Malam," ya ce, "Hausa ce, kowace kalma na san ta. Amma na rasa ta inda zan kama ta in ɗauka. In yara suka tambaye ni yaushe za mu kora shanu, me zan ce?"

Na ce masa ai ga shi nan a rubuce, bayan kammala kwashewa da sanarwa. Ni a raina har na fara cewa tsufa ne.

A nan ne mutumin Safana ya nemi izinin Maigari ya ce a ba shi takardar ya duba. Na miƙa masa da yatsu biyu. Ya zaro jan biron nan, ya ɗora takardar a gwiwa, ya yi 'yan zane-zane a kan Turancin. Daga inda nake ina hango inda ya ja layi, kalmomin nan ne masu wutsiyar "shon", guda biyar, waɗanda na fi alfahari da su. Sai ya ɗago ya ce a cikin kowace kalma da ya ja wa layi akwai aikin da wani zai yi, an dunƙule aikin an mai da shi suna, mai yin aikin kuma ya ɓace. Ya ce bari a kwance su ɗaya-ɗaya a ga wa ke ciki.

Ya fara da kwashewa. Ya tambaya, wa zai kwashe? Aka ce manoma. Me za su kwashe? Wani ya ce gero, wani ya ce ai dawa ba ta isa yanka sai gero ya daɗe a rumbu, wani daga baya ya ce to waken fa? Ya ce to, mu ce manoma za su kwashe gero da dawa da wake su kai gida. Ya koma kan amfani. Wa zai yi amfani, da me? Ardo ya yi dariya ya ce shanu ba sa amfani, ci suke yi. Aka kwashe da dariya. Ya ce to shanu za su ci, amma me za su ci? Makiyaya suka ce duk abin da ya rage a gona. Nan take tabarmar manoma ta motsa. Suka ce harawar gyaɗa da ta wake ba ragowa ba ce, tasu ce, da ita suke kiwon tumaki a gida, sau da yawa tana shanye a gona ba a ɗaure ba tukuna. Ni da na rubuta kalmar ragowa, wallahi harawa ba ta ko zo mini a rai ba.

Sai ya zo kan sanarwa. Ya ce wa zai sanar da wa? Maigari ya ce ai a bayyane yake, shi zai sa a yi shela in ya ga gonaki sun fita, sannan a shigo. Ardo ya ce shi kuwa abin da ya fahimta, in sun ga an gama kwashewa su ne za su aiko su sanar cewa ga su nan tafe. Kowane ya rantse haka ya ji daga bakina. Kuma kowane yana da gaskiya, don jimlar ta ɗauki duka biyun. Da an shafa Fatiha, da wata safiya an wayi gari shanu na cikin waken wani, kowa riƙe da takardar da ya dangwala wa yatsa. A shekarun nan kuwa kowa ya san inda irin wannan ke kaiwa.

Maigari ya tambaya wane ne ya rubuta wannan abu. Kafin in buɗe baki mutumin Safana ya ɗaga takardar ya nuna tambarin, ya ce ai irin rubutun ofis ne, ranka ya daɗe, mutanen birni ba su san bambancin kara da harawa ba. Aka yi dariya, aka zagi 'yan boko kaɗan. Ni ma na yi murmushi tare da su. Aka ɗage Fatiha zuwa mako mai zuwa, Maigari ya ce ni da mutumin Safana mu zauna mu gyara.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda aka watse. Kullum in an tashi taro ni ake kewayewa. Ran nan sai ga mutane sun yi wa mutumin Safana zobe, wannan na tambayarsa maganar taki, wancan na nuna masa takardar wani abu. Ardo ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya daɗe yana magana. Ni na naɗe takarduna na tashi babur, ba wanda ya lura sai wani da ya ce in kauce wa akuyarsa.

A gida na kasa cin tuwo. Uwargida ta tambaya, na ba ta labari yadda zai fito ni ke da gaskiya. Na ce wani ne da ya yi ta satar amsata a makaranta yau ya zo yana koya mini Turanci a bainar jama'a. Ta ce in karanta mata jimlar ta ji. Na karanta Hausar. Ta ce to yaushe shanun za su shiga? Na ce ke ma kin bi sahunsu ke nan. Ta ce ita dai tambaya ta yi, kuma kishi ne ke cina, in ci tuwona kafin ya huce. Na ce Allah ya sawwaƙe in yi kishi da malamin taki. Ƙarya na yi, kishi ne, irin wanda ke sa mutum ya riƙa tuno makin jarrabawar fiye da shekara talatin da suka wuce.

Bayan kwana biyu na hau babur na tafi Safana, da niyyar in nuna masa cewa takardar ofis tana da nata harshe, ba hirar bakin kasuwa ba ce. Na same shi a zaure yana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa, gida, iyali, gajiya, damina, duk ina amsawa da ƙyar. Na ce masa Turancin hukuma dole ya yi nauyi, in ba haka ba ba za a girmama shi ba. Bai yi musu ba. Ya ɗauko takardar ya ce mu gwada mu gani.

Ya nuna mini yadda yake yi, kuma abin haushi, ba wani abu ba ne mai wuya. Ka nemo sunan da aka ƙera daga aikatau, ka mai da shi aikatau. Evacuation ya koma carry home, notification ya koma tell, completion ya koma finish, utilisation ya koma use, a nan ma eat ya fi dacewa. Da zarar ya zama aikatau sai ya nemi mai aikatawa a gabansa, in ba ka da shi ka san akwai abin da ba ka yanke ba tukuna. Na ce to implementation fa? Ya ce in duba, wane aiki take ɗauke da shi wanda sauran ba su faɗa ba? Na duba, na juya, babu. In shanu sun ci kara ai an aiwatar. Ya ja mata layi ta faɗi, ta tafi da commence ɗinta, jimla ba ta rasa komai ba. Kalmar da na sa a gaba don ta yi wa takardar kwarjini ke nan.

Ya ƙara da cewa in yi hattara da Hausar, don ita ma tana da maɓoya. In na ce za a sanar, na mai da shi aikatau amma har yanzu ba kowa a ciki. Sai na ce Maigari zai aika wa Ardo. Ya ce shi ba a makaranta ya koya ba, shekara talatin ya yi yana karanta wa manoma bayanin jikin kwalbar feshi, inda in ka ce a yi amfani da kariya mutum zai gyaɗa kai ya tafi ya zuba da hannu. Dole ka ce ka rufe hancinka, ka wanke hannunka.

Na ce, don in rage zafi, ai laifin mutanen ofis ne da ba su duba ba. Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa bai ɗago ba.

"Haba, Malam," ya ce. "Shekara nawa na yi ina kwafar aikinka? Tun daga shall commence na san hannunka ne."

Ashe ya sani tun a ƙarƙashin bedi, rufa mini asiri ya yi. Da ya tona ni a gaban jama'a da na sami abin riƙewa, in ce maƙiyi ne. Ya kunyata ni kuma ya yi mini alheri a zama ɗaya, ban taɓa jin haushin mutum kamar ran nan ba. Ya ce mu rubuta tare yanzu. Na ce ina da uzuri, ni ne magatakarda, zan rubuta da kaina. Ya cika mini leda da gyaɗa, na karɓa don ba yadda zan yi.

Da na koma na yi abin da ban yi ba da farko. Na je wurin Maigari na tambaye shi wa zai duba gonaki, na bi Ardo har bakin burtali na tambaye shi kwana nawa yake bukata ya sanar da rugage. Na ji ta bakin manoma a kan harawa. Kullum bayan sallar asuba nake zama, in rubuta in karanta wa uwargida tana dama koko, in ta ce wa zai yi, in koma in gyara. Jimla ɗaya ta zama biyar. Manoma za su kwashe gero da dawa da wake su kai gida. Za su ɗaure harawarsu su ɗauke. Manomi ɗaya da makiyayi ɗaya za su zagaya tare su duba. In sun ce gonaki sun fita, Maigari zai aika wa Ardo, ya kuma sa a yi shela. Kwana biyu bayan shela, makiyaya za su shigo da shanu su ci kara. Turancin ma haka na yi shi, yaron aji biyu zai karanta. A duk rubutun da na yi a rayuwata ban yi wanda ya kai wannan ba, kuma na yi shi ne don kada a ce mutumin Safana ya fi ni.

Ranar taro na biyu na karanta sau ɗaya tak. Ardo ya miƙe ya maimaita daga farko har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba, yana lanƙwasa yatsu biyar, sannan ya juya ya faɗa wa mutanensa da Fillanci. Maigari ya ce haka ne, manoma suka ce haka ne. Liman ya ɗaga hannu aka shafa, aka dangwala. Ina tsaye ina jiran a juyo gare ni.

Ardo ya juya wajen mutumin Safana ya ce Allah ya yi masa albarka, yau ya ji bakinsa a cikin takarda. Shi kuwa, mai gaskiyar banza, ya ce bai sa ko harafi ɗaya ba, duk aikin Malam ne, shi ya yi yawon tambaya, shi ya rubuta. Ardo ya dube ni ya ce madalla, sannu da ƙoƙari, Malam, hannunka na da kyau. Irin sannun da ake yi wa wanda ya ɗauko wa mutane tabarma. Maigari ya yanke cewa in ci gaba da riƙe biro, amma daga yau duk takardar da ta shigo ko za ta fita, a fara kai wa mutumin Safana ya warware ta tukuna. Kowa ya ce hakan ya yi. In na ce ni na iya, sai a tambaye ni wa ya rubuta ta farkon, don haka na ce hakan ya yi.

Kakar bana ta wuce lafiya, shanu sun shiga kwana biyu bayan shela, ba a taɓa waken kowa ba. A aji kuma na fara sa ɗalibai su ja layi a ƙarƙashin kalmomi masu wutsiya su nemo mai aikin, ban taɓa faɗa musu inda na samo ba.

Wata ranar kasuwa ina zaune a ƙofar gida, tabarau a aljihu, sai ga Ardo. Na ji daɗi har na matsa masa wuri a kan benci. Muka gaisa sosai, ya tambayi iyali, na tambayi shanu. Ina ganin gefen farar takarda ya leƙo daga naɗin hularsa, har na sa hannu zan ciro tabarau. Sai ya ce ba zai zauna ba, sauri yake yi.

"Malam, motar Safana a ina take lodi yanzu? An ce sun sauya wuri."

Na tashi na raka shi har bakin titi na nuna masa.